Yadda Ake Taƙaita Rahoton Binciken Cikin Gida: Jera Matsaloli Bisa Girman Haɗari, da Amsar Shugabanni, da Wa'adin Gyara

Rahoton binciken cikin gida, wato binciken da ma'aikata ke yi wa lissafinta da ayyukanta, yakan kai shafi arba'in ko hamsin, amma waɗanda ke da ikon sa a yi gyara, wato darakta da kwamitin ƙoli na ma'aikata, da wuya su karanta fiye da shafi biyu ko uku kafin su shiga taro. Saboda haka taƙaitaccen rahoto shi ne takardar da ake yanke shawara a kanta, kuma aikinsa ya amsa tambayoyi huɗu a kan kowace matsala: mene ne ya lalace, yaya girman haɗarinsa, wane ne ya ɗauki nauyin gyarawa, kuma a wace rana za a zo a tarar an gyara. Ƙa'idojin duniya na wannan sana'a, waɗanda cibiyar masu binciken cikin gida ta duniya, IIA, ta fitar a watan Janairu na 2024 suka fara aiki ranar 9 ga Janairu 2025, sun wajabta wa mai bincike ya fifita matsaloli bisa muhimmancinsu, ya kuma ambaci wanda zai gyara da ranar kammalawa a rahoton ƙarshe. Ba su tsara masa ma'auni guda da kowa zai bi ba. Wannan aikin kowace ma'aikata ce ke yi wa kanta, kuma a nan ne mafi yawan taƙaitawa ke samun rauni.

Domin bayanin ya tsaya a kan ƙafarsa, zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka wata ƙungiya ce mai hedikwata a birnin Damagaram, tana sayen hatsi da wake a lokacin kaka, tana ajiyewa a mangazoji uku, a Mirya da Matamai da Magarya, sannan ta sayar wa mambobinta da rahusa idan damina ta kawo jiki abinci ya yi tsada. Kasafinta na shekara sefa miliyan 400 ne. An gama bincikenta a watan Satumba na 2025, rahoton ya fito da shafi 46 da abubuwan lura 23. Ƙungiyar da alƙaluman duka na misali ne, amma irin matsalolin sanannu ne ga duk wanda ya taɓa binciken mangaza ko akwatin kuɗi a wannan jiha.

Mataki na farko: a tace, a haɗa masu tushe ɗaya

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, sai a zauna da rahoton da dosiyen hujjoji, a fitar da abubuwan lura 23 ɗin a jere, kowanne da lambar shafinsa. A gaban kowanne a rubuta dalilin da ya sa ya faru, a cikin jimla guda. Da an yi haka za a ga cewa da yawa ba matsaloli daban-daban ba ne, fuskoki ne na matsala ɗaya. A misalinmu, rahoton ya ambaci cewa an tarar da giɓin buhuna a Magarya, cewa akwai bon na fitar da kaya guda goma sha ɗaya da ba su da sa hannun shugaban sashen ayyuka, cewa takardar shige da ficen kaya tana da goge-goge, da kuma cewa makullin mangaza yana hannun mutum ɗaya. Waɗannan huɗu tushensu ɗaya ne: mai mangaza shi ke karɓar kaya, shi ke rubutawa, shi ke fitarwa, kuma babu wanda ke zuwa daga waje ya ƙirga. Idan aka bar su a rarrabe, kowanne zai yi kama da ƙaramin sakaci, shugabanni kuma za su amsa kowanne da ƙaramin alkawari. Idan aka haɗa su, sai girman abin ya bayyana.

Ana haɗawa ne bisa dalili, ba bisa wuri ko sashe ba. Giɓin buhuna a Magarya da ɗigar rufin mangazar Magarya wuri ɗaya suka faru, amma dalilinsu daban, gyaransu daban, mai gyaran ma daban, don haka ba a haɗa su. Bayan wannan tacewa, abubuwa 23 suka koma matsaloli tara. Abubuwa biyu da aka riga aka gyara tun ana cikin bincike ba a share su ba, an ba su layi guda a ƙarshen takarda, domin kwamiti ya san sun faru kuma an magance su.

Mataki na biyu: a rubuta kowace matsala da gaɓoɓinta biyar

Kowace matsala tana buƙatar abin da ƙa'ida ta ce, abin da aka tarar, dalili, abin da zai iya biyo baya, da shawarar gyara. A cikin cikakken rahoto waɗannan kan ci shafi biyu, amma a taƙaitawa layi biyar ko shida sun isa, muddin an riƙe alƙaluma. Ga yadda matsalar mangaza ta fito bayan an matse ta:

"Littafin ƙa'idojin ƙungiya ya ce a ƙirga kayan kowace mangaza duk wata uku, tare da wakilin sashen kuɗi. A Magarya an yi wata 14 ba a ƙirga ba. Takarda ta nuna buhu 1,240 na hatsi, ƙirgar da aka yi ranar 3 ga Satumba 2025 ta tarar da 1,178, wato giɓin buhu 62, kimanin sefa 1,674,000 a kan sefa 27,000 kowane buhu. Mutum ɗaya ne ke karɓa da rubutawa da fitarwa, shi kaɗai ke riƙe da makulli. Kayan da ke cikin wannan hali darajarsu ta kai sefa 33,480,000. Duba shafi na 11 zuwa 15."

A lura da abin da wannan rubutu bai faɗa ba. Bai ce mai mangaza ya saci hatsi ba, domin binciken bai tabbatar da haka ba. Giɓi kan fito daga sata, amma kuma yakan fito daga buhunan da aka fitar da gaggawa ba a rubuta ba, ko daga sake ɗurin buhuna. Buhun kilo ɗari yakan ɗauki tiya arba'in, idan kuma tun a kasuwa aka karɓi buhuna masu tiya talatin da takwas, ranar da aka sake ɗuri don sayarwa adadin buhuna zai ragu ba tare da kowa ya fita da ko ƙwaya ba. Mai taƙaitawa ba shi da hurumin ƙara zargin da cikakken rahoto bai ɗauka ba, haka nan ba shi da hurumin sassauta abin da rahoton ya tabbatar. A ambaci muƙami, kada a ambaci sunan mutum, domin taƙaitaccen rahoto yana yawo hannu da hannu fiye da cikakken.

Akwai kuma abin da ya shafi lissafi a ƙasarmu. A baki mun saba ƙirga da dala da jika, har mutum ya ce dubu biyar yana nufin sefa 25,000. A takarda dole a rubuta kowane adadi da lambobi, a cikin sefa kamar yadda yake a littafin kwantabul, domin kada memban kwamiti ya karanta giɓi ya ninka shi sau biyar a ransa, ko ya raba shi biyar.

Mataki na uku: a tsayar da ma'auni kafin a auna

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar a daɗe a kansa. Idan mai bincike ya fara liƙa wa matsaloli "babba" da "ƙarama" bisa yadda ransa ya ba shi, ranar taro za a tambaye shi dalili, kuma ba zai sami abin dogaro ba sai ra'ayinsa a gaban ra'ayin darakta. Ma'aunin da aka rubuta, wanda kwamitin ƙoli ya amince da shi tun kafin a fara bincike, shi ke raba gardama.

Ma'auni mafi sauƙi yana duba abu biyu, kowanne da maki daga 1 zuwa 3. Na farko girman ɓarna idan abin ya faru. Ga ƙungiya mai kasafin miliyan 400, ana iya cewa ɓarnar da ta haura kashi ɗaya cikin ɗari na kasafi, wato sefa miliyan 4, tana da maki 3, daga miliyan 1 zuwa miliyan 4 maki 2, ƙasa da miliyan 1 kuma maki 1. Waɗannan iyakoki ba doka ba ce, kowace ma'aikata tana yanka nata daidai da girmanta, abin da ake bukata shi ne a rubuta su a kuma yi aiki da su ga kowa. Na biyu yiwuwar faruwa. Abin da ya riga ya faru kuma babu abin da zai hana shi maimaituwa yana da maki 3. Abin da akwai katanga a gabansa amma tana da ɓaraka yana da maki 2. Abin da sai abubuwa da dama sun lalace tare kafin ya faru yana da maki 1. Sai a ninka biyun. Maki 6 da 9 babban haɗari ne, 3 da 4 matsakaici, 1 da 2 ƙarami. Wanda ke aiki da Excel na Faransanci, idan ɓarna tana rukunin C, yiwuwa tana D, zai iya sa wannan a rukunin E da F:

```
=C2*D2
=SI(E2>=6;"Babba";SI(E2>=3;"Matsakaici";"Ƙarami"))
```

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna ɓarna da abin da aka riga aka rasa. Giɓin Magarya sefa 1,674,000 ne, wanda a ma'auninmu maki 2 ne. Amma abin da ake aunawa shi ne abin da ƙofar da aka bari a buɗe za ta iya fitarwa, kuma a bayan wannan ƙofa akwai kayan sefa miliyan 33 da ɗoriya, ga kaka tana tafe da sabon kaya. Don haka ɓarna maki 3, yiwuwa maki 3, jimla 9, ita ce ta ɗaya a jeri.

Haka lamarin daidaita lissafin banki yake. Rahoton ya nuna an yi wata biyar ba a kwatanta littafin ƙungiya da takardar da banki ke bayarwa ba. Da masu bincike suka yi kwatancen, bambancin bai wuce sefa 85,000 ba, mafi yawansa kuɗin da banki ke cirewa na hidima. Kwantabul zai ce abin bai taka kara ya karya ba, kuma ta fuskar abin da aka tarar yana da gaskiya. Sai dai duk kuɗin ƙungiya ta wannan asusu yake bi, kuma da an fitar da shek na jabu a watan farko, da sai bayan wata biyar za a farga. Ɓarna maki 3. Yiwuwa kuwa maki 2 ne, saboda kowane shek yana bukatar sa hannun mutum biyu, wannan katangar tana nan. Jimla 6, babban haɗari ne, amma yana ƙasa da mangaza.

Na uku shi ne kuɗin da ake ba wa ma'aikata a hannu su je kasuwannin ƙauye sayen kaya. Ƙa'ida ta ce a kawo takardun shaida cikin kwana 30. An tarar da irin wannan kuɗi sau 14 da ba a kawo shaidarsa ba, jimla sefa 3,200,000, mafi tsufa ya yi wata bakwai, kuma ana ci gaba da ba wa mutum sabo alhali bai sauke na baya ba. Ɓarna maki 2, yiwuwa maki 3, jimla 6.

Akwai matsalolin da lissafin maki ba ya iya ɗauka, kuma ya kamata ma'auni ya faɗi haka a rubuce. Duk abin da ya saɓa wa dokar ƙasa, ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu da mai ba da tallafi, ko wanda akwai alamar ha'inci a cikinsa, yana hawa sahun manya komai ƙanƙantar kuɗinsa. A misalinmu an cire kason CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da inshorar ma'aikata, daga albashin ma'aikata na wata uku amma ba a zuba shi ba. Kuɗin bai kai miliyan ɗaya ba, sai dai haƙƙin ma'aikata ne aka riƙe, kuma jinkiri yana jawo tara. Ya shiga sahun manya, an kuma rubuta dalilin ɗaga shi a gefe, domin mai karatu ya ga ba a ɓoye aka yi ba.

Sauran biyar ɗin suka rabu, uku matsakaita, biyu ƙanana. Daga cikin matsakaitan akwai rarraba sayayya: ƙa'idar ƙungiya ta ce abin da ya haura sefa 500,000 sai an nemi farashi daga ƴan kasuwa uku, amma cikin sayayya 40 da aka duba, an tarar da bakwai da aka raba faktir ɗinsu biyu don kowane ya faɗo ƙasa da iyaka. Daga cikin ƙananan akwai rashin cika littafin tafiye-tafiyen mota da na shan gazuwal. Wannan ya ci shafi shida a cikakken rahoto, saboda yana da sauƙin samun hujja, amma a taƙaitawa layi biyu ya samu. Tsawon da abu ya ɗauka a rahoto shaida ce ta aikin da mai bincike ya yi, ba ta haɗarin abin ba.

Idan an gama jerawa, a tsaya a dubi siffar jerin. In takwas cikin tara sun fito manya, ko dai ma'aikatar tana cikin halin da ya kamata a faɗa a fili a layin farko, ko kuma ma'aunin ya yi sako-sako, kuma kwamiti ba zai san ta ina zai fara ba. In kuma babu babba ko ɗaya alhali an tarar da giɓi a mangaza, to an auna asarar da ta wuce ne, an manta da wadda ke tafe.

Mataki na huɗu: a karɓi amsar shugabanni a rubuce

Sai bayan an tsayar da jeri ake aika wa shugabannin sassa daftari, kowa da matsalolin da suka shafe shi, a ba su lokaci sananne, kwana goma na aiki ya wadatar. Dalilin sa jeri ya riga amsa shi ne kada matsayin matsala ya zama abin ciniki. Shugabanni suna da cikakken haƙƙin gyara gaskiyar magana. Idan shugaban sashen ayyuka ya kawo bon guda huɗu masu sa hannu da ba a gani ba lokacin bincike, waɗanda suka nuna buhu 20 sun fita bisa ƙa'ida, wajibi ne a gyara giɓin ya koma 42, a gyara kuɗinsa ya koma sefa 1,134,000. Amma matsayin ba ya sauka, domin mutum ɗaya yana nan riƙe da makulli da alƙalami, kuma ba a ƙirga ba. Hujja ce kaɗai ke sauya abin da aka rubuta, ba nauyin wanda ya yi magana ba.

Amsar farko da ake samu sau da yawa ba amsa ba ce. Ga irin ta: "Mun ga abin da aka lura da shi, za a ɗauki matakan da suka dace, kuma za a ja hankalin ma'aikata." Babu abin da za a iya zuwa a duba a cikin wannan bayan wata uku. Mai bincike ya mayar da ita cikin ladabi, zai fi kyau ya tashi ya je biro ɗin shugaban da kansa, ya ce: "Ranka ya daɗe, idan na dawo a watan Disamba, wace takarda za a nuna mini in san an yi?" Wannan tambaya ita ke mayar da alkawari ya zama aiki. Amsar da ta karɓu tana faɗin ko an yarda da matsalar ko ba a yarda ba, abin da za a yi, muƙamin mutum ɗaya da zai ɗauki nauyi, ranar kammalawa, da shaidar da za a nuna. Ga wadda aka samu a zagaye na biyu:

"Mun yarda. Za a sa kwaɗo na biyu a mangazoji uku, makullinsa a hannun shugaban kwamitin mambobi na garin, kafin 30 ga Satumba 2025. Za a ƙirga kayan mangazoji uku tare da wakilin sashen kuɗi kafin 15 ga Oktoba 2025, daga nan kuma duk wata uku. Ba za a fitar da buhu ba sai da bon mai lamba da sa hannun mutum biyu. Mai nauyi: shugaban sashen ayyuka. Shaida: takardar ƙirga mai sa hannu da kwafin bon."

A duba amsa da ido ɗaya a kan dalilin matsalar. Da shugaban ya ce za a cire kuɗin buhunan daga albashin mai mangaza, ko za a sauya masa wurin aiki, da ya amsa giɓin bana ne kawai, wanda zai gaje shi kuma zai tarar da ƙofa a buɗe kamar yadda take. Haka nan a guji rubuta sassa biyu a matsayin masu nauyi. Idan aka rubuta "sashen kuɗi da sashen ayyuka", ranar tambaya kowanne zai nuna ɗan'uwansa.

Amsar shugabanni tasu ce, ba a gyara musu ma'ana. Idan ta yi tsawo ana iya taƙaita ta, amma a nuna wa mai ita taƙaitawar ya amince kafin ta fita. Idan shugaba bai yarda ba, a rubuta rashin yardarsa da dalilinsa kamar yadda ya faɗa, sannan a sa matsayar mai bincike a ƙasa cikin layi ɗaya ko biyu. A misalinmu darakta bai yarda da shawarar daina ba wa masu sayen kaya kuɗi a hannu ba, yana mai cewa a kasuwannin ƙauye manomi ba ya karɓar shek, kuma wanda ya je babu tsaba zai dawo babu kaya. A ganina yana da gaskiya, kuma mai binciken da ya nace a kan shawarar da ba ta yiwuwa yana zubar da ƙimar sauran shawarwarinsa. Aka daidaita a kan wata hanya: a ci gaba da bayarwa, amma babu sabo ga wanda bai kawo shaidar na baya ba, kuma kada kowane bayarwa ya wuce sefa 750,000. Shawara tana iya sauyawa, matsalar da matsayinta suna nan.

Wani lokaci shugaba yakan ce ya ji, ya fahimta, amma ya zaɓi ya zauna da haɗarin saboda gyaran ya fi ƙarfin kasafi. A kan ƙaramar matsala wannan haƙƙinsa ne, a rubuta a wuce. A kan babba kuwa, ƙa'idojin sana'a sun ce idan shugaban bincike ya ga haɗarin ya wuce abin da ma'aikata za ta iya ɗauka, ya tattauna da manyan shugabanni, in ba a warware ba ya kai maganar gaban kwamitin ƙoli. Wanda bai amsa ba har lokaci ya cika, a rubuta a gurbinsa cewa ba a sami amsa ba zuwa rana kaza. Kada a bar gurbin fayau, kada kuma a riƙe rahoton duka saboda shi.

Mataki na biyar: a tsayar da wa'adi da kalanda a hannu

Wa'adi rana ce, da wata, da shekara. "Nan ba da jimawa ba" da "kafin ƙarshen zango" da "ana kan yi" ba sa shiga wannan gurbi. Yana da kyau ma'auni ya ƙunshi iyakar wa'adi ga kowane matsayi, misali babbar matsala kada ta wuce kwana 90 kuma a ɗauki matakin wucin gadi cikin kwana 30, matsakaiciya wata shida, ƙarama kafin bincike na gaba. A cikin wannan iyaka shugaba ne ke zaɓen rana, domin ranar da mutum ya furta da bakinsa ta fi ɗaure shi a kan wadda aka ɗora masa.

Aikin mai bincike shi ne ya gwada ranar da yanayin aiki. Da shugaban sashen ayyuka ya fara ba da amsa, 31 ga Disamba ya nema don ƙirga kaya, yana dogaro da cewa tsarin lissafi na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka wadda Nijar ke cikinta, ya riga ya wajabta ƙirgar dukiya a ƙarshen kowace shekarar lissafi. Ranar tana cikin tsari a takarda, amma sayen kaka yana farawa tun Oktoba, kuma da sabon hatsi ya hau kan tsoho, babu mai iya sake gane inda giɓin bara ya tsaya da inda na bana ya fara. Shi ya sa aka dawo da ita 15 ga Oktoba. Akasin haka ma yana faruwa: shugaban da ya ji kunya a taro yakan yi alkawarin gama komai cikin mako biyu. Idan gyaran yana bukatar ɗaukar sabon ma'aikaci, ko gyaran rufi a tsakiyar damina lokacin da hanyoyin ƙauye suka yanke, ko aikin kwantabul a makonnin rufe lissafin shekara, to a faɗa masa ranar ba za ta yiwu ba, a raba aikin biyu, na wucin gadi yanzu, na dindindin daga baya, kowanne da ranarsa. Wa'adin da ya wuce ba a cika ba tun zagayen farko yana koya wa kowa cewa ranakun takardar ba abin tsoro ba ne.

Ga CNSS aka tsayar da 10 ga Oktoba 2025 don zuba bashin, shaida kuma takardar biya. Ga banki, kwantabul zai kammala daidaita watanni biyar kafin 20 ga Oktoba, daga nan kowane wata kafin ranar 10, shugaban sashen kuɗi ya sa hannu a kai, domin wanda ya yi lissafi ba shi ne zai tabbatar da shi ba.

Mataki na shida: a shimfiɗa takardar, a gwada ta

Shafin farko ya ɗauki abin da aka bincika, da lokacin da binciken ya shafa, da abin da ba a duba ba. Idan ba a je Matamai ba, a faɗa, kada mai karatu ya zaci shiru yana nufin lafiya. Sai hukunci na gaba ɗaya a jimla biyu ko uku, sai adadin matsaloli: manya huɗu, matsakaita uku, ƙanana biyu, sai abin da ake so kwamiti ya yanke a taron. A ambaci abin da aka tarar yana tafiya daidai, kamar sa hannun mutum biyu a kan shek, saboda gaskiya ce kuma tana cikin dalilin makin da aka bayar. Shafi na biyu da na uku jadawali ne, daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, kowane layi da lambarsa, da matsayi, da matsalar, da amsa, da mai nauyi, da wa'adi, da shafin cikakken rahoto. A rubuta matsayin da kalma, kada a dogara da ja da rawaya da kore kaɗai, domin mafi yawan kwafin da ke isa hannun ƴan kwamiti baƙi da fari ne. Ma'aunin kansa ya zauna a ƙasan shafin ƙarshe. Inda rahoton da Faransanci yake alhali wasu ƴan kwamiti Hausa suka fi ji, a shirya taƙaitawar cikin harsunan biyu, da lambobi da ranaku iri ɗaya.

Kafin a sa hannu, a ba wani abokin aiki da bai shiga binciken ba, ya bi kowane adadi ya nemo shi a cikakken rahoto, musamman waɗanda aka gyara bayan amsar shugabanni, domin a nan ne ake samun 62 a shafi ɗaya da 42 a wani. Daga nan darakta ya sa hannu a kan amsoshi da ranaku, shugaban bincike ya sa hannu a kan matsaloli da matsayinsu.

Jadawalin nan shi ne zai zama takardar bibiya. A ƙara masa gurbi biyu, na halin da ake ciki da na shaidar da aka gani, a riƙa kai shi gaban kwamiti a kowane zama. Ba a rufe matsala don shugaba ya ce an yi. Ga mangazar Magarya, rufewa tana nufin mai bincike ya ga takardar ƙirgar Oktoba da sa hannun wakilin sashen kuɗi, ya ɗauki bon goma daga na watan Nuwamba ya tarar da sa hannu biyu a kan kowanne, ya kuma ga kwaɗo na biyu a jikin ƙofa da idonsa. Idan aka nemi ƙarin lokaci, a bar tsohuwar ranar a rubuce, a sa sabuwar a gefenta tare da sunan muƙamin da ya amince, kuma ga babbar matsala kwamitin ƙoli ne kaɗai ke ba da wannan izini.